Gashin mutum ko na roba: yadda za ki gwada hular gashi kafin ki yanke leshinta

Ranar da aka buɗe kwali, kusan kowace hular gashi kyakkyawa ce. Tana sheƙi, tana santsi, mataji na wucewa a cikinta ba tare da ya tsaya ba. Halinta na gaskiya ba ya bayyana sai bayan wanki na uku ko na huɗu, a lokacin kuwa an riga an yanke leshin gaba, wato siririyar ragar da aka dasa gashin goshi a jikinta, mai kaya ba zai karɓa ba. Don haka duk binciken da za ki yi, ki gama shi a kwana ɗaya ko biyu na farko, leshi na nan yadda ya zo. Abin da aka rubuta a jikin kwali magana ce ta mai sayarwa kawai. Shaidar tana jikin silin gashin.

Iri uku ne a kasuwa, ba biyu ba

An saba cewa gashin mutum da gashin roba, amma mai saye za ta fi amfana idan ta kasa su uku.

Na farko shi ne gashin mutum da ɓawonsa ke nan. Kowane silin gashi yana da ƙananan ɓawo a bayansa, sun kwanta a kan juna kamar na jikin kifi, bakinsu na kallon ƙarshen gashin. Idan aka ɗaure gashi a kan mai shi sannan aka yanke, duk silin suna kallon wuri ɗaya, sai su riƙa zamewa a jikin juna ba sa kamawa. Wannan ne ma'anar kalmar Remy da ake gani a kwali. Kalmar virgin kuma na nufin ba a taɓa rina shi ko sa masa wani sinadari ba. Gashi na iya zama Remy amma rinanne, don haka kalmomin biyu ba abu ɗaya suke faɗa ba.

Na biyu shi ma gashin mutum ne, sai dai tsintarsa aka yi daga mataji da ƙasan wuraren aski. Ya cakuɗe, wani sili kansa sama, wani kansa ƙasa. Da za a bar shi haka, ɓawon da ke kallon juna za su sarƙe ya zama dunƙule. Maganin da masana'anta ke yi shi ne su tsoma shi a asid ya cinye ɓawon, sannan su lulluɓe shi da silikon ya yi santsi da ƙyalli. Silikon ɗin yana fita a hankali da wanki. Da ya fita sai gashin ya bushe, ya dusashe, ya fara cukurkuɗewa a ƙeya. Wanda ya rubuta cewa gashin mutum ne bai yi ƙarya ba, amma idan ya ƙara da Remy ya yi.

Na uku shi ne na roba, wanda wasu ke kira gashin doki ko da yake ba ruwansa da doki. Shi ma kala biyu ne. Akwai na gama-gari, wanda sanannen sunansa Kanekalon, zaren da kamfanin Kaneka na Japan ke yi. Yana riƙe fasalin da aka ba shi a masana'anta, ko an wanke shi lanƙwasarsa na dawowa, amma ba ya jure na'urar miƙar da gashi. Hucin tanda idan an buɗe ta ma yana iya ƙanƙance gabansa. Akwai kuma mai jure zafi, wanda yawanci da zaren poliyesta ake yinsa. Ana iya nannaɗe shi ko miƙar da shi, iyakar zafin kuwa ta danganta da masana'anta, wasu digiri 135, wasu har 180 a ma'aunin salshiyos. Ki bi lambar da ke jikin nasa kwalin. Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne mai jure zafin ya fi na gama-gari saurin cukurkuɗewa da taurin baki, musamman inda yake gogar wuyan riga.

Tsakanin waɗannan akwai haɗin gambiza, gashin mutum da aka cusa wa zaren roba mai jure zafi. Idan an rubuta cewa haɗi ne, ba laifi. Matsalar ita ce a sayar miki da shi a matsayin zalla, kuma shi ne ya fi wuyar ganewa, shi ya sa mafi yawan gwajin da ke ƙasa a kansa yake.

Ki fara da yadda za ki yi amfani da shi

Gashin roba ba abin rainawa ba ne. Idan gajeriyar hula kike so, wadda ba ta wuce kafaɗa ba, mai fasali ɗaya da za ki sa ki fita ba tare da gyara ba, roba mai kyau ta fi gashin mutum maras kyau nesa ba kusa ba. Ruwan sama ba ya warware lanƙwasarta, tana bushewa da wuri, nauyinta kaɗan ne. Da sawa ta kullum takan yi wata 4 zuwa 6, mai jure zafi kuma wata 2 zuwa 3. Inda roba ke kasawa shi ne tsawo. Da zarar ta sauka bayan kafaɗa, gogayya da tufafi na lalata bakinta, ba kuma man da zai mayar da shi.

Gashin mutum shi ne na wadda ke son canza fasali, ko rini, ko tsawo mai yawa, ko sawa ta kullum har shekara ko fiye. Kuɗinsa bai tsaya ga na saye ba, akwai na lokaci: duk wanki sai an sake gyara shi, yana kumbura idan iska ta yi laima, rana na dusashe launinsa, kuma tunda ba ya samun maiƙon fatar kai, ke ce za ki riƙa ba shi laushi.

Ga ƙarin gashi da ake ɗinkawa ko maƙalawa a jikin naki, gashin mutum ya fi dacewa, domin tare za a wanke su, tare za a sa musu zafi. Na kitso kuwa da roba aka saba, saboda ana tsoma bakinta a ruwan zafi ta rufe.

Cika, nauyi da tsawo

Lambar da ake rubutawa da alamar kashi, irin su 130%, 150% ko 180%, tana nuna yawan gashin da aka dasa a hular idan aka kwatanta da kai mai matsakaicin gashi. Cikar 130% ita ce mafi kama da gashin da ya tsiro a kai, ba ta da nauyi, ba ta da zafi. Cikar 150% ta ɗan fi ta kauri, ita ce ta fi karɓar yawancin fuskoki. Daga 180% zuwa 250% gashi ne mai yawa sosai, yana kyau a hoto, amma yana da nauyi, yana tara zufa, kuma idan ba a rage gaban goshinsa ba, daga nesa za a san hula ce.

Cika tana tafiya da tsawo da kuma yanayin gashin. Hula mai inci 12 da cikar 130% za ta yi kyau, amma mai inci 26 da wannan cikar bakinta zai zama siriri har ana hango riga ta cikinsa, don haka doguwa na bukatar 180%. Gashi mai nannaɗe kuma yana cika ido da kansa, 150% ɗinsa kan yi kama da 180% na miƙaƙƙe.

Sai dai babu wata hukuma da ta tsayar da ma'aunin wannan lamba. Abin da wani kamfani ya kira 180% wani 150% zai kira shi. Abin da ba ya karɓar gardama shi ne sikeli. Ki tambayi mai kaya nauyin hular a giram kafin ki biya, ki sa ya rubuta miki, idan ta iso ki ɗora ta a sikeli. Haka ma ɗaurin gashin ɗinki: kowane ɗauri yakan zo giram 100, ko ƙasa da haka da kaɗan. Tunda nauyin ɗaya ne ko da tsawon ya bambanta, dogon gashi layin ɗinkinsa gajere ne. Wannan ne dalilin da ɗauri 3 ke isar kai idan tsawon bai wuce inci 20 ba, amma daga inci 22 zuwa sama sai an nemi na 4. Idan ɗauri ya zo giram 70 ko 80 alhali an ce 100 ne, an rage miki.

Ana auna tsawo ne bayan an miƙar da gashin, ko da mai nannaɗe ne. Mai lanƙwasa da aka rubuta wa inci 20 zai tsaya sama da inda miƙaƙƙen inci 20 ke tsayawa, wannan ba cuta ba ce. Cutar tana wajen yawan silin da suka kai tsawon. Ki riƙe ɗauri ta wajen ɗinki, ki matse shi da yatsu a sama, a tsakiya, da kuma inci 2 kafin ƙarshe. Wanda aka rubuta wa single drawn dama gajeru da dogaye ne a haɗe, yana sirancewa zuwa ƙasa. Wanda aka rubuta wa double drawn an tsince gajerun, ya kamata kaurinsa ya kusa zama ɗaya daga sama har ƙasa. Idan an karɓi kuɗin na biyu amma bakinsa bai kai rabin kaurin samansa ba, na farko aka ba ki.

Abu biyu kuma a taƙaice. Ki zagaya tef ɗin awo daga goshi, ta bayan kunne, zuwa ƙeya, ya dawo. Matsakaiciyar hula ta kai mai kewayen inci 22 zuwa 22 da rabi ce, kuma wadda ta matse tana cin gashin gefen goshi. Lambobin leshi kamar 4x4 ko 13x4 faɗi da zurfinsa ne a inci: na farko tsaga ɗaya yake bayarwa a sama, na biyu yana rufe goshi daga kunne zuwa kunne, amma ya fi bukatar gyara kuma ya fi saurin lalacewa.

Kalmomin da ba sa tabbatar da komai

Lambobin daraja irin su 8A, 10A da 12A masu sayarwa ne suka ƙirƙiro su, kowa da nasa ma'aunin. Kada ki ƙara ko kwabo saboda su. Sunayen ƙasashe ma haka. Mafi yawan gashin mutum da ke kasuwannin duniya daga Asiya yake fitowa, musamman Indiya da Sin da maƙwabtansu. A Indiya, wuraren ibada irin na Tirumala suna gwanjon gashin da masu ziyara suka aske, kuma birnin Xuchang na ƙasar Sin yana cikin manyan wuraren sarrafa shi. Idan kika ga Brazilian ko Peruvian, yawanci sunan talla ne na yanayin gashin, ba ƙasar da aka yanko shi ba.

Ki kuma lura da kalaman da ke raɓar gaskiya. Rubutu kamar human hair quality ko human hair blend ba ya nufin gashin mutum zalla. Na farko roba ce da ake yabawa, na biyu haɗi ne. Sannan duk gashin da ya zo da launin 613, wato fari mai ɗorawa, ko baƙi wuluk mai lamba 1, ko lanƙwasa iri ɗaya sak daga sili zuwa sili, an sarrafa shi. Launin an yi shi da bilicin ko rini, lanƙwasar da tururi ko sinadari. Ba lallai ya zama maras kyau ba, amma wanda aka rina ba virgin ba ne. Gashin da ba a taɓa ba launinsa baƙi ne mai ɗan ja idan an ɗaga shi a rana, bakinsa ya ɗan fi gindinsa haske, wani lokaci har da furfura ɗaya ko biyu a ciki.

Gwajin, mataki bayan mataki

Ki tanadi almakashi, hantsaki, ashana ko laita, farantin tangaran, farar takarda, ƙaramin sikeli, da ɗan garin bilicin gashi tare da ruwan haɗinsa mai lamba 20. A ce hular da ta iso an rubuta mata gashin mutum zalla, Remy, inci 22, cikar 180%.

Da farko ki duba da ido a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitila ba. Roba tana da ƙyalli iri ɗaya daga sama har ƙasa, ƙyallin gashin mutum kuwa taushi gare shi. Ki ɗauki hoto da filashin waya, silin roba sukan fito da walƙiya daban da sauran. Ki sansana. Warin sinadari mai kaifi alama ce ta asid ko rini, ƙamshin turare mai yawa kuma sau da yawa rufe wannan warin aka yi da shi.

Na biyu, ki ɗebi samfuri, kuma a nan ne yawancin masu gwaji ke kuskure. Suna tsinkar sili biyu daga gaban goshi su ƙona, su ji warin gashi, su gamsu. Amma mai haɗa roba ya san inda hannu ke fara zuwa, don haka yakan dasa gashin kirki a leshin gaba ya cusa robar a layukan tsakiya da na ƙeya. Ki juya hular, ki yanko sili kamar 20 daga gaba, 20 daga tsakiyar kai, 20 daga ƙeya, daga ƙasan layi inda gurbin ba zai nuna ba. Ki ajiye kowane kashi daban a farar takarda ki rubuta inda ya fito. Idan ɗauri ne, ki warware shi ki ɗebo daga can cikin naɗin, ba daga layin waje ba.

Na uku, gwajin ɓawo. Ki riƙe sili kaɗan, ki ja yatsu biyu daga gindi zuwa baki, sannan ki dawo daga baki zuwa gindi. Mai ɓawo yana santsi a tafiya, yana ɗan turjewa a dawowa. Idan santsi ne ta ko'ina, ko dai roba ce, ko an cinye ɓawon, ko silikon ya rufe shi. Wannan gwajin ya fi faɗar gaskiya bayan an wanke silin, don haka ki maimaita shi daga baya. Kada gajerun gashin da ke tsaye kusa da layin ɗinki su dame ki, ninkin da keken ɗinki ke yi ne, kowane ɗauri irin wannan yana da su.

Na huɗu, wuta. Ki yi shi a kan faranti, nesa da hular da duk abin da ke kamawa, tagogi a buɗe, ruwa a kusa. Ki kama sili ɗaya da hantsaki ki kai bakinsa gefen harshen wuta. Gashin mutum yana ƙanƙancewa da ɗan ƙara, yana warin ƙonannen gashi, yana mutuwa da an janye shi, kuma baƙin da ya bari yana murƙushewa ya zama gari a tsakanin yatsu. Roba tana narkewa, tana warin ƙonanniyar leda, ta bar ɗan ƙwallo mai tauri da ba ya murƙushewa. Ki bari ya huce kafin ki taɓa, narkakkiyar roba na manne wa fata. Kada ki dogara da ko wutar ta mutu ko ba ta mutu ba, domin akwai zaren roba da aka yi shi don ya riƙa kashe wuta da kansa. Abin da ya rage a faranti shi ne hujja. Kuma sili ɗai-ɗai za ki ƙona. Idan kika haɗa su dunƙule, warin gashin mutum zai danne na roba, ki ɗauka zalla ne.

A misalinmu, a ce sili 10 na gaba duk sun zama gari, na tsakiya ma haka, amma cikin 10 na ƙeya, 3 sun bar ƙwallo mai tauri. Magana ta ƙare a kan kalmar zalla, hular haɗi ce. Sili 10 ba su isa a faɗi ainihin yawan robar da ke ciki ba, amma sun isa a ce tana nan.

Wuta tana da iyaka. Gashin dabba, kamar na doki ko na saniyar tsaunukan Asiya da ake kira yak, abin da aka gina shi da shi ɗaya ne da na mutum, don haka warinsa da tokarsa iri ɗaya ne. Shi ana gane shi da kaushi da kauri, sili ne mai tauri da ba ya kwanciya tare da sauran. Wuta ba ta kuma bambanta Remy da tsintacce.

Na biyar, bilicin, wanda a ganinmu ya fi kowane gwaji bayyana haɗi. Ki ɗaure ragowar silin kowane kashi da zare, ki sa safar hannu, ki kwaɓa garin da ruwansa yadda aka rubuta a jikinsu, ki shafe silin, ki naɗe a takardar alminiyom, ki duba bayan minti 20 zuwa 30. Gashin mutum da ba a rina ba yana tashi daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, ya nufi ja mai ruwan lemo, duk silin kusan tare. Roba ba ta motsi, launinta a cikin zaren yake. Idan kika wanke kika ga wasu sun yi haske wasu na nan baƙi ƙirin, ki tsinto baƙaƙen ki ƙona. In sun narke, roba ce. In sun zama gari, gashin mutum ne da aka dafa a rini mai ƙarfi, wanda ke nufin ba virgin ba ne kuma ba zai karɓi launin da kike so ba.

Na shida, zafi da ruwa. Ki ɗauki sili kaɗan ki matse da na'urar miƙar da gashi a digiri 180. Robar gama-gari za ta ƙanƙance ko ta manne nan take, mai jure zafi kuwa tana iya tsira, shi ya sa wannan kaɗai bai isa ba. Sai ki nannaɗe silin a jikin ƙarfen naɗi, ki riƙe naɗin har ya huce, sannan ki jiƙa shi da ruwan sanyi. Gashin mutum yana sakin lanƙwasar ya koma yadda yake. Roba mai jure zafi tana riƙe ta, ruwa ba ya warware ta sai wani zafin.

Na ƙarshe shi ne wanki, kuma shi kaɗai ke tona asirin silikon. Wanke dukan hular na iya hana mai kaya karɓa, don haka ki yanko ɗan tsagi mai kaurin tsinken ashana daga ƙeya, ki ɗaure gindinsa da zare. Ki wanke shi da shamfu mai cire maiƙo sau 3 ko 4, kina ɗauraye shi tsakani, kada ki sa masa kwandishana, ki bar shi ya sha iska. Ki lura ko ruwan ya yi launi, wannan rini ne. Gashin mutum yana shan ruwa ya yi nauyi ya jima bai bushe ba, roba kuwa ruwan na gangarewa ta bushe da wuri. Bayan ya bushe, Remy na gaskiya zai ɗan rage santsi amma mataji zai wuce. Wanda aka cinye wa ɓawo zai yi kaushi kamar tsintsiya, idan kika murza shi a tafin hannu sai ya dunƙule.

Idan gwaji ya nuna saɓanin abin da aka rubuta, ki ɗauki hoton farantin da silin bilicin kusa da kwalin, ki ajiye hoton tallan da saƙonnin da kuka yi, ki tuntuɓi mai kaya kafin wa'adin mayarwa ya cika. Sharuɗɗan mayarwar kuwa tun kafin saye ake karanta su, kuma ya fi kyau ki faɗa masa tun farko cewa za ki yanki sili kaɗan ki gwada.

Kulawa ta danganta da abin da gwaji ya nuna

Roba ruwan sanyi take so. Bayan sawa 6 zuwa 8, ki taje ta a bushe da mataji mai manyan haƙora, daga baki kina hawa sama. Ki zuba cokali ɗaya na shamfun gashin roba a kwanon ruwa, ki jiƙa ta minti 5, kina motsa ta a hankali ba cuɗawa. Ki ɗauraye, ki danna ta a tawul ba matsewa, ki rataye ta a mazauninta ta bushe. Kada ki taje ta a jiƙe, zaren yana miƙewa ya lalace. Mai ba ya shiga roba, zama yake a bayanta ya tara ƙura. Idan bakin mai jure zafi ya fara kaushi, na'urar miƙarwa a zafi kaɗan tana kwantar da shi, ki bi tsagi-tsagi.

Gashin mutum ruwa mai ɗumi kaɗan yake so, bayan sawa 7 zuwa 10. Ki bar ruwan ya bi shi daga sama zuwa ƙasa don kada ya sarƙe. Kwandishana daga tsakiya zuwa baki kawai, kada ta taɓa leshi, domin tana sassauta ƙullin da aka ɗaure kowane sili da shi, gashin ya fara zuba daga tsaga. Ki shafa maganin kare zafi kafin na'ura, kada kuma ki wuce digiri 180. Kada ki kwana da shi a jiƙe.

Idan haɗi ne kuma kin yanke shawarar riƙe shi, ki bi dokar roba: zafi kaɗan, ba rini, ba bilicin. Ki sa rai ƙeyar ce za ta fara lalacewa, domin silin biyu ba sa tsufa tare. Idan tsintacce ne mai silikon, ki rage yawan wanki, ki guji shamfu mai cire maiƙo, ki riƙa shafa ɗigo 2 ko 3 na man gashi mai silikon daga tsakiya zuwa baki bayan kowane wanki, ki taje ƙeyar duk dare kafin ki ajiye.

Ga ƙarin da ake ɗinkawa ko kitsawa, nauyi da ja su ne abin lura. Ɗauri 4 giram 400 ke nan a rataye a jikin gashinki, idan ya jiƙe kuma ya ƙara nauyi. Zafin da bai lafa ba bayan kwana ɗaya, ƙananan ƙuraje a layin goshi, ko ciwon kai, duk alamu ne cewa an ja da yawa, sai a sassauta ko a warware a ranar, domin gashin gefen goshi da ja ya daɗe yana cinyewa ba lallai ya sake fitowa ba. Ko da komai lafiya, ɗinki kada ya wuce mako 6 zuwa 8 a kai. Idan kuma robar kitso tana sa ki ƙaiƙayi, ki jiƙa ta minti 15 zuwa 20 a ruwa mai ɗumi da aka zuba wa kashi ɗaya na ruwan khal cikin kashi 3 ko 4 na ruwa, ki ɗauraye, ta bushe sarai kafin a fara kitson. In ƙaiƙayin ya zo da kumburi ko fitar ruwa, ki cire gashin ki ga likitan fata.